Yadda ake karɓar suka mai zafi a wurin aiki a mayar da ita tsarin gyara

Suka mai zafi kusan kullum da siffar hukunci take zuwa. Shugaban da ransa ya ɓaci ba ya tsayawa ya ce maka ranar kaza ka yi kaza. Cewa yake yi ba ka da tsari, ko ba a iya dogaro da kai, ko aikinka ba kai ba gindi. Irin wannan maganar tana da ciwo, kuma ba ta gyaruwa a yadda take, domin babu wanda zai tashi da safe ya san ta inda zai fara "zama abin dogaro". Aikin da ke gabanka shi ne ka sauko da hukuncin nan daga kanka zuwa kan aikin: wace rana, wane abu aka yi ko aka bari, me ya jawo. Da zarar ta sauko nan, ta zama abin da hannu zai iya kamawa.

Akwai dalilin da ya sa na fara da wannan. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara ɗimbin binciken da aka yi a kan abin da ke faruwa idan aka gaya wa mutum yadda aikinsa yake. Sun samu cewa a dunƙule yana taimakawa, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan, aikin ƙara lalacewa ya yi bayan an yi maganar. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da maganar ta ɗauke hankalin mutum daga aikin ta mayar da shi kan kansa, wato ya koma tunanin darajarsa da yadda ake kallonsa, amfaninta raguwa yake yi. Ba ka da iko a kan yadda shugaba zai faɗi maganarsa, amma kana da iko a kan inda za ka ajiye hankalinka bayan ya faɗa.

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. Mu ɗauka kai ne ke haɗa rahoton ciniki na wata-wata daga rassa uku. Rassan su aiko da alƙalumansu ranar 2 ga wata, kai ka miƙa rahoto ranar 5. Ana cikin taron ma'aikata sai shugabanka ya dube ka ya ce: "Rahotonka kullum a makare, in ya zo ma ba a iya dogaro da shi. Na gaji da gyaran ɓarnarka."

Mintunan farko

Jikinka zai riga ka amsawa. Zuciya za ta hau bugawa, fuska ta ɗau zafi, maƙogwaro ya bushe, domin jiki yana ɗaukar barazana ga mutunci kamar yadda yake ɗaukar kowace barazana. A wannan halin kunne ba ya ji sosai, kai kuwa ya riga ya fara shirya amsa. Kare kai yana da fuskoki da yawa, kuma yana da kyau ka san taka. Wani da "amma" yake farawa. Wani sai ya kama sunan reshen da ya makara. Wani ya yi gum ya haɗe rai har a tashi. Akwai kuma wanda yake zuba ban haƙuri, "laifina ne, ba zan sake ba", tun bai san laifin da ake nufi ba. Wannan na ƙarshen ana ganinsa kamar ladabi, amma shi ma hanya ce ta rufe maganar da wuri don ciwon ya tsaya, kuma mai yinsa yana fita bai ƙaru da komai ba.

Abin yi a nan kaɗan ne. Ka saki numfashi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, sau biyu ko uku. Ka ɗauki biro ka rubuta maganar yadda aka faɗe ta, kalma da kalma. Rubutun yana ba hannunka aiki, yana saya maka 'yan daƙiƙu, kuma gobe za ka buƙace shi, domin zuciyar da ta ji zafi tana ƙara wa magana gishiri. Sannan ka riƙe wannan a ranka: a yau ba za ka yanke hukuncin ko maganar gaskiya ce ba. Sauraro daban, amincewa daban. Mutane da yawa suna katse mai suka ne don suna jin in sun yi shiru sun amsa laifi, alhali damar faɗin naka ɓangaren tana nan, kuma za ta fi tasiri in ta zo da hujja a hannu.

Tunda a gaban jama'a aka yi maganar, kada ka buɗe ta a nan. Shugaban da aka ja da shi a gaban ma'aikatansa ba zai janye ba ko da ya ga ya yi kuskure. Jimla biyu sun isa: "Ranka ya daɗe, na ji. Zan so in same ka bayan taro in fahimci inda matsalar take." Daga nan ka yi shiru, ka ci gaba da bin taron.

Tambayoyin da ke sauko da maganar

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke tsallakewa, ko don kunya ko don tsoron ƙara jin wata mai zafin. Kana neman abu huɗu: lokacin da abin ya faru, abin da ka yi ko ka bari, abin da ya jawo wa shugaban ko ofishin, da kuma yadda aikin zai kasance in ya yi daidai a idonsa.

Yadda ka yi tambayar shi ne komai. "To ba ni misali ɗaya" ƙalubale ne, kuma haka za a ji shi. Ka ɗora tambayar a kan abin da kake son yi da amsar.

"Ranka ya daɗe, ina so in gyara, amma ina buƙatar in san daidai inda zan taɓa. Wane rahoto ne ya fi ba ka matsala?"

"Na watan Maris. Jimillar da ke shafin farko ba ta yi daidai da ta jadawalin ciki ba."

"Ya aka yi aka gano?"

"Darakta ne ya gani ina tsaye ina gabatarwa. Ban iya ba shi amsa ba."

Ka lura da abin da ya fito. Zafin maganar ba daga lambar kanta ya taso ba, daga tsayuwar da mutumin ya yi ne a gaban na sama da shi ba shi da ta cewa. Sau da yawa tambayar "me abin ya jawo" ita ce ke nuna maka me ya kamata ka sa a gaba, domin tana bayyana abin da ya fi damun mai sukar. Kada ka tare shi da bayani a wannan gaɓar, ko da bayanin yana kan harshenka. Ka ci gaba.

"Batun makara fa, ranar 5 ɗin ce ba na cikawa, ko akwai wani abu bayan wannan?"

"In zai makara ka gaya mini. Ba sai na aiko nemansa ba sannan in ji labarin reshe bai aiko ba."

Wannan ma sabon abu ne. Da ka tsaya kare kanka da cewa reshe ne ke makara, da ba ka ji cewa shirun da kake yi ya fi makarar ɓata masa rai ba.

Kafin ka tashi, ka maimaita abin da ka fahimta da bakinka, ba tare da ka sassauta shi ko ka ƙara masa ba: "Abin da na ɗauka shi ne, lambar shafin farko ta saɓa da ta jadawali a watan Maris kuma hakan ya ba ka kunya a gaban darakta, sannan in rahoto zai makara kana so ka ji daga gare ni tun kafin ranar. Akwai abin da na bari?" In akwai abin da ka riga ka tabbata naka ne, ka amsa shi nan take a jimla ɗaya, ban haƙuri sau ɗaya. Sai ka nemi kwana biyu ko uku ka duba takardunka ka dawo da abin da za ka yi. Ka faɗi ranar da bakinka.

Wani lokaci shugaba zai kasa kawo misali, ya ce shi dai haka yake gani. Kada ka ɗauki wannan a matsayin nasara. Ka roƙe shi ya nuna maka a karo na gaba da abin ya faru, a ranar, ko kuma ya nuna maka aikin wani da ya gamsar da shi don ka kwatanta da naka.

Bincike kafin hukunci

A ranar kada ka aika wa kowa saƙo a kan maganar, kada kuma ka zagaya tebur-tebur kana neman wanda zai ce an zalunce ka. Za ka samu, kuma maganar za ta koma kunnen shugaban da wata siffa. Ka bari ka kwana. Washegari ka buɗe abin da ba ya ƙarya: kwanan watan saƙonnin da ka aika, da fayilolin da ka miƙa.

A misalinmu ka duba rahotanni shida na baya. Uku sun tafi a kan lokaci babu kuskure. Biyu sun makara, ɗaya ya tafi ranar 7, ɗaya ranar 8, kuma a duka biyun jiran reshe na uku ka yi ba ka sanar da kowa ba. Na watan Maris ya tafi ranar 5 daidai, amma alƙaluman wannan reshen da safiyar ranar suka iso, ka zuba su cikin jadawali a gurguje, ka manta jimillar shafin farko da ka riga ka buga da hannu.

Yanzu ka raba maganar shugaban. "Kullum a makare" ba gaskiya ba ce, biyu ne cikin shida. Amma rabin rahotannin sun zo da matsala, kuma ga wanda yake dogaro da su wannan ba ƙaramin abu ba ne. Makarar reshen ba taka ba ce. Shirun da ka yi naka ne, haka ma buga jimilla da hannu. Faɗin maganar a gaban jama'a kuwa nasa ne, kuma batu ne daban. Babban tarkon da ke nan shi ne ka kama kalmar "kullum" ka rushe dukkan sukar da ita. Kalma ɗaya da aka wuce gona da iri a cikinta ba ta wanke sauran ba.

Binciken ya kuma nuna abin da shugaban kansa bai gani ba: ƙorafinsa biyu tushensu ɗaya. Duk lokacin da reshen nan ya makara, kana da zaɓi biyu ne kawai da ka saba da su, ko ka jira shiru ko ka yi gaggawa. Tsarin da zai yi aiki shi ne wanda ya ba ka zaɓi na uku.

In sukar a kan hali ce, misali an ce kana katse mutane a taro ko saƙonninka suna da kaushi, babu fayil da zai nuna maka. A nan sai ka nemi abokin aiki guda, wanda ka san yana iya gaya maka abin da ba ka so. Kada ka tambaye shi ko maganar shugaba gaskiya ce, zai tausaya maka. Ka ce masa: "Yaushe ka taɓa ganin na yi wani abu da zai sa a faɗi haka?" In wannan maganar ta taɓa zuwa maka daga wani mutum a wani wurin aiki, ka ba ta nauyi sosai.

Rubuta tsarin

Abu biyu, in ya yi yawa uku. Wanda ya ji zafi yakan so ya rubuta alkawari goma don ya nuna ya ɗauki abin da muhimmanci, sai ya kasa riƙe ko ɗaya bayan mako uku.

Kowane abu a cikin tsarin ya zama aiki ne da wani zai iya gani ya ce an yi ko ba a yi ba. "Zan ƙara kula" ba ya cikin wannan, haka ma "zan inganta sadarwa". Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru suna bincike a kan kafa buri a wurin aiki, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne burin da aka fayyace ya fi "yi iya ƙoƙarinka" haifar da sakamako. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyya ta fi cika idan aka ɗaura ta a kan wani lokaci ko yanayi da aka ambata tun farko: in kaza ya faru, zan yi kaza. Amfanin wannan a fili yake. Ranar da abin ya taso kana cikin matsi, kuma ba lokacin tunanin mafita ba ne, gara a ce ka riga ka yanke.

Ga yadda na misalinmu zai kasance. Na farko: in ƙarfe sha biyun rana ta 3 ga wata ta yi akwai reshen da bai aiko ba, zan kira reshen, sannan in aika wa shugaba saƙo a ranar da zaɓi biyu, ko in miƙa rahoto ranar 5 da alamar cewa reshe ɗaya bai shiga ba, ko in jira zuwa ranar da ya amince. Na biyu: ba zan ƙara buga jimillar shafin farko da hannu ba, zan haɗa ta da jadawalin ta yadda in lamba ta canja a ciki ita ma za ta canja, kuma kafin rahoto ya fita wani abokin aiki zai ɗauki minti goma ya gwada shafin farko da jadawali. Ma'auni: rahotanni uku masu zuwa, babu saɓanin lamba, babu makarar da shugaba bai sani ba tun ranar 3. Ranar dubawa: mako guda bayan rahoto na uku.

Akwai layi na ƙarshe da ake yawan mantawa, wato abin da kake buƙata daga shugaban. Kai ba ka da ikon tilasta wa reshe ya cika ranar 2, shi yana da shi. Ka rubuta wannan a matsayin buƙata. Tsarin da ya ɗora maka abin da ba ya hannunka zai karye, kuma karyewar a kanka za a lissafa ta.

Komawa wurinsa

Ka koma a ranar da ka faɗa, da takarda shafi ɗaya. Tsarin maganar yana da tasiri: ka fara da abin da yake naka, sai abin da za ka yi, sai buƙatarka, sannan gyaran da kake da shi a kan maganarsa. "Na duba rahotanni shida na baya, ranka ya daɗe. Kuskuren Maris nawa ne, ga yadda ya faru. Biyu sun makara kuma ban sanar da kai ba. Ga abin da zan riƙa yi." Ka ga adadin "biyu cikin shida" ya shiga maganar ba tare da ka ce masa ya yi ƙari ba. Da da shi ka fara, da duk abin da ya biyo baya an ji shi a matsayin kare kai. Ka tambaye shi ko in ka cika wannan matsalar ta kau a wurinsa, ko akwai abin da zai canja. Bayan kun rabu ka aika masa taƙaitaccen saƙo da abin da kuka tsayar da ranar dubawa.

Batun faɗa a gaban jama'a yana da haƙƙin a ɗaga shi, kuma ina ganin ya kamata a ɗaga, amma a ƙarshen wannan zaman ko bayan rahoto na farko ya fita lafiya. Jimla ɗaya: "In irin wannan ta sake tasowa, zan fi ganewa in ka kira ni ofis."

Daga nan sai riƙo. Wata na farko yana da sauƙi domin ciwon bai warke ba. Wata na biyu da na uku ne ake saki, musamman in reshen ya aiko a kan lokaci sau ɗaya ka ga kamar an wuce wurin. Ka sa ranar 3 ga wata a kalandar wayarka da tunatarwa mai maimaituwa. Ka kuma kula da wuce iyaka: wanda aka ce ba ya sanarwa yakan koma aika saƙo a kan kowane ƙaramin abu har ya gundura shugaban. Abin da kuka tsayar shi ne ma'auni. Kada ka auna ci gabanka da fara'ar shugaba, ra'ayin mutum a kanka yana jinkirin canjawa fiye da aikinka, kuma yana iya ɗaukar watanni kafin ya daina duba rahotonka da zargi.

Wannan hanyar tana da iyaka. In ka cika abin da aka tsayar sai aka kawo sabon ƙorafi, ka cika shi ma aka sake kawo wani, kuma kullum babu misali, to matsalar ta wuce aikinka. Haka nan in maganar zagi ce, ko barazana, ko ta taɓa addininka, ƙabilarka, jinsinka ko lafiyar jikinka. Wannan ba suka ba ce da za a mayar tsarin gyara. Ka rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka bi hanyar ƙorafi da ke cikin ƙa'idojin wurin aikinka, ta sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago in akwai. In kuma sukar a rubuce ta zo, a matsayin takardar gargaɗi ko ta neman bahasi, ka karanta ƙa'idojin kafin ka amsa, ka kiyaye wa'adin da aka ba ka, ka amsa a rubuce da ranaku da hujjoji, ka ajiye kwafi. In an ce ka sa hannu, ka tambaya ko sa hannun shaidar karɓa ce ko ta amincewa da abin da ke ciki, kuma in karɓa ce kawai kake nufi, ka rubuta hakan kusa da sa hannunka.